Ambaliya ta shiga gidan haya: me zan rubuta wa mai gidan, me kuma zan iya nema?

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba ne ruwa ya fi yi wa mutanen Kebbi ɓarna. Wani lokaci gulbi ne ke tumbatsa, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012 da 2020, Rima ta ɓangaren Augie da Argungu da fadamar Birnin Kebbi, Neja kuma ta ɓangaren Bagudo da Yauri. Wani lokaci kuwa ruwan sama ne na dare ɗaya ke rasa hanya a cikin gari, ya bi ta ƙofar mutane. Wanda ke zaune a gidansa ya san asarar tasa ce. Ɗan haya shi ke shiga ruɗani, don kayan nasa ne, ginin na wani ne, kuɗin shekara kuma ya riga ya biya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan haya suka fi yi idan hakan ta faru.

Ba zan kira shi a waya kawai ba? Rubutun na mene ne?

Kira shi, a ranar ma. Wannan ladabi ne, kuma bai dace mutum ya ji labarin gidansa a bakin maƙwabta ba. Amma bayan kiran ka bi shi da rubutu, ko a takarda ko ta WhatsApp, cikin kwana biyu ko uku.

Dalilin shi ne abin da ake faɗa a waya ranar da ruwa ya shiga duk jaje ne. Zai ce innalillahi, Allah ya mayar da alheri, za a duba in sha Allah. Kai ma kunya ba za ta bar ka ka ɗauko zancen kuɗi ba. Bayan wata huɗu, lokacin da kuɗin haya ya zagayo, bango ya bushe, alamar ruwa ta ɓace, "za a duba" ba ta da sauran amfani. Rubutu yana tsayar da rana: ranar da ruwa ya shiga, ranar da ka sanar, ranar da ka nemi ragi. Duk lissafin da za a yi daga baya a kan waɗannan ranakun zai hau.

Idan mai gidan dattijo ne da ba ya karatun boko, ka tura rubutun ga ɗansa ko wakilinsa, sannan ka karanta masa shi a saƙon murya. Kada ka goge hirar, kada kuma ka sayar da wayar kafin maganar ta mutu. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗanta, kuma an fi samun sauƙin hakan idan wayar tana hannu.

Me zan yi kafin in fara kwashe taɓo?

Fara kashe wutar gidan daga mita ko babban makunni, ko da NEPA sun ɗauke, don ba ka san lokacin da za su maido ba. Sai hotuna, kafin tsintsiya ta taɓa ko'ina.

Hoton da ya fi kowane amfani shi ne na layin da ruwa ya bari a jikin bango. Ka jingina abin awo na tela ko na kafinta a jiki yadda lambar za ta fito, a kowane ɗaki, da waje. Ka ɗauki kayan a inda ruwa ya same su, ba bayan an fitar da su rana ba. Ka yi bidiyo guda ɗaya mai tsawo, daga bakin titi, ka bi hanyar da ruwan ya bi har cikin ɗaki, kana faɗin rana da sunan unguwa. Ka kira maƙwabta biyu su gani da idonsu, in da hali har da mai unguwa. Abin da ya fara wari dole a zubar, amma a ɗauki hotonsa tukuna.

Me ya sa ake ta tambayar ta inda ruwan ya shigo? Ruwa ai ruwa ne.

Don amsar wannan tambayar ce ke nuna wanda nauyi ya hau kansa. Idan gulbi ne ya cika ya mamaye shiyar gaba ɗaya, har gidan mai gidan ma wataƙila bai tsira ba, babu laifin kowa. Idan kwatar bakin titi ce ta cushe da leda da yashi, wannan matsalar unguwa ce da hukumar raya birane, kuma mu faɗi gaskiya, da yawa daga sharar da ke ciki mu mazauna ne muka zuba ta. Amma idan ruwan ya shigo ta rufin da ka yi ta ƙorafin yana yoyo tun bazara, ko rariyar gidan ce aka toshe da sabon shagon da mai gidan ya gina a gaba, ko katangar da ta daɗe da tsagewa ce ta faɗi ruwa ya samu ƙofa, to wannan wata magana ce daban.

Sau da yawa abin haɗe yake. Ruwan titi ya yi yawa, amma gidajen da ke gefe tsakar gida kawai ya jiƙa, naka kuma ya kai gwiwa saboda ba shi da mafita. Idan haka ne, rubuta shi yadda yake. Faɗi abin da ka gani da idonka, ka bar hukunci. "Ruwan ya taru a tsakar gida saboda rariyar gabas ba ta fitarwa" ya fi "sakacinku ne ya jawo mana" ƙarfi, ko a gaban alƙali.

Mai gidan zai biya ni kayana da suka lalace?

Galibi a'a, kuma gara ka san haka kafin ka ɗauki biro. Mai gida ya ba ka hayar wurin zama ne, bai ɗauki lamunin katifarka da firjinka ba. Idan ambaliyar daga Allah ce, babu hannunsa a ciki, shari'ar Musulunci ba ta ɗora masa ramuwa, dokar boko ma haka.

Inda kake da magana shi ne idan abubuwa uku sun haɗu: akwai aibi a ginin da gyaransa na wuyansa, ka sanar da shi tun kafin ruwan, kuma ta wannan aibin ne ɓarnar ta shigo. Na tsakiyar ne ke kayar da mutane. Kowa zai ce ya faɗa, amma a bakin masallaci ya faɗa, ba shaida. Idan kana da tsohon saƙo na watan Mayu ko Yuni da ka ce rufin uwar ɗaka na zuba, nemo shi yanzu ka ajiye hotonsa. Ko da hakan, kada ka sa ran sabon kaya a madadin tsoho. Abin da ake dubawa shi ne ƙimar kayan a ranar da suka lalace.

A ganina, babban kuskuren 'yan haya shi ne buɗe saƙo da neman diyyar kaya. Nan ne hujjarka ta fi rauni, nan ne kuma ran mai gida ya fi saurin ɓaci. Da ya ga an ce ya biya kujeru, sai ya rufe kunnensa ga maganar gyara da ta ragi, alhali a waɗannan biyun ne kake da ƙafar tsayawa.

To idan ba zai biya ba, me zai sa in jera masa kayan?

Don ya san halin da kake ciki lokacin da kake neman ragi ko jinkiri. Mutumin da ya ga ka yi asarar abincin wata uku ba zai matsa maka ranar da haya ta cika ba, sai in ba ya da tausayi. Sannan jerin nan shi za ka miƙa idan jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko ta tarayya, NEMA, ko na ƙaramar hukuma sun zo ɗaukar sunayen waɗanda abin ya shafa. A nan ka kula: wani lokaci sunan mai gida kawai ake rubutawa, ɗan hayan da kayansa suka tafi a manta da shi. Ka tabbata naka sunan ya shiga.

Yaya ake jerawa yadda ba za a ce na yi ƙari ba?

Kasa kayan gida uku: waɗanda suka tashi aiki, waɗanda za su gyaru, da waɗanda ba a tabbatar ba tukuna. Kowane ka faɗi mene ne, guda nawa, shekararsa nawa a hannunka, da ƙimarsa a yau idan da za a sayar da shi a matsayin na hannu.

Katifar soso da ta kwana cikin ruwan da ya gauraya da na masai ta tafi, ko ta bushe. Haka hatsin da ya jiƙa a irin wannan ruwan, shinkafa ce ko gero, ba a ci. Kabad da gado na katakon nan da ake matsewa daga garin katako suna kumbura su wargaje, na katakon gaske kuwa sukan tashi idan an shanya su a inuwa. Keken ɗinki wanki da mai yake so. Firji da talabijin da janareto su ne "ba a tabbatar ba": kada a kunna su sai sun bushe sarai mai gyara ya duba, don sau da yawa kunnawar ce ke kashe su, ba ruwan ba. Takardun makaranta da na aiki ba a sa musu farashi, amma a ambace su.

Abu ɗaya da maza ke mantawa: yawancin abin da ke cikin ɗaki na matar gida ne, iyayenta suka yi mata. Gado, kujeru, kwanuka, labule. Ka zauna da ita ku yi jerin tare, ita ta san abin da ke ƙarƙashin gado, kuma idan wani abu ya fito na tallafi a kan waɗannan kayan, haƙƙinta ne.

Kada ka saka abin da ya lalace tun kafin ruwan. Mai gida ko yaronsa ya taɓa shigowa ya ga fankar nan a mace. Ƙarya ɗaya a jerin tana zubar da darajar sauran gaskiyar.

Wane gyara ne nasa, wane ne nawa?

Fara duba takardar yarjejeniya idan kun yi. Abin da aka rubuta a ciki shi ke gaba. Idan babu, kamar yadda yawancin hayar unguwanni take, al'adar da aka sani ita ce jikin gini na mai gida ne: tushe, bango, katanga, rufi da silin, daɓe, rijiya, ramin masai ko sokawe, magudanar ruwa, da wayoyin wuta na cikin bango. Naka kuwa kwashe taɓo, wanke ɗakuna, ƙwan fitila, da duk abin da kai ka kawo ko ka lalata.

A saƙon kada ka zuba komai a kwando ɗaya. Ware abin da zai iya kashe mutum daga abin da zai iya jira. Na gaggawa su ne bangon da ya tsage, wutar da ruwa ya shiga, da masai. Tsagar da ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ke ƙara buɗewa, ko ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi, alama ce ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ginin. Ja layi da biro a ƙarshen tsagar ka rubuta rana, ka dawo bayan kwana biyu ka gani ko ta wuce. Ginin ƙasa da aka shafe da siminti ya fi yaudara: fuskar tana nan lafiya, cikin ya zama kunu daga ƙasa. Ƙwanƙwasa gindin bangon, idan ka ji yana amsawa kamar fanko ko shafen na ɓantarewa, a fitar da yara daga ɗakin a daren. Soket ɗin da ruwa ya rufe sai mai wayarin ya buɗe ya duba. Sokawen da ya cika ya dawo, ko rijiyar da ruwan titi ya faɗa, hanyar amai da gudawa ce. Rijiyar sai an yashe ta an sa mata sinadarin kulorin kafin a sha.

Fenti da shafe su ne ƙarshe. Kada ma ka nemi a yi su yanzu. Bangon da ya sha ruwa yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, fentin da aka yi a kan laima kuma kumbura yake ya zube. A bari iskar hunturu ta fara.

Dole ne ya gyara? Kuma ragin haya haƙƙina ne ko alfarma?

A nan mutane da yawa ke mamaki. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kebbi da Zamfara ke bi, maganar da ta shahara, kamar yadda take a Muhtasar na Shehu Halilu, ita ce ba a tilasta wa mai gida ya gyara. Amma ba a bar ɗan haya haka nan ba. Idan wani ɗaki ya rushe, ko wani abu ya lalace da ya rage ƙimar hayar ko da kaɗan ne, ana sauke masa kuɗi gwargwadon abin da ya rasa. Idan kuma aibin mai cutarwa ne, kamar rufin da ke zuba a kan mutane, an ba shi zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna. In ya zaɓi zama a haka, cikakken kuɗi na kansa.

Ka ga ke nan shiru ba ya taimakon ɗan haya. Wanda ya ci gaba da zama bai ce uffan ba, ana iya ɗaukarsa ya yarda da gidan a yadda yake. Saƙonka shi ke nuna ba ka yarda ba, sharaɗi ka gindaya: zan zauna idan an gyara, kuma ina neman a sauke na kwanakin da ban amfana ba.

A dokar boko kuwa ragi ba ya faɗowa da kansa don ruwa ya shiga. Sai idan yarjejeniyarku ta tanadi haka, ko kun daidaita, ko kotu ta ga mai gidan ya saɓa alƙawarin gyaran da ke wuyansa. Saboda haka ta kowace hanya aka bi, daidaitawa a rubuce ita ce mafi kusa.

Nawa zan nema? Yaya ake lissafin?

Kada ka ce "a duba mana a rage wani abu". Wannan roƙo ne, kuma amsarsa dubu biyar. Kawo lissafin da shi ma zai iya bi da yatsa.

A ɗauka, don misali, kana hayar ɗaki biyu da falo, da kicin da banɗaki, a kan naira 360,000 a shekara. Wato 30,000 a wata, 1,000 a rana. Ruwa ya shiga, kuka koma gidan surukai kwana 10 kafin gidan ya zaunu. Waɗannan kwanakin ba ka amfana da komai ba: 10,000. Kun dawo, amma ɗakin yara a rufe yake saboda bangonsa ya tsage, kuma magini ya ce sai nan da wata biyu, in ƙasa ta bushe. Nawa ne rabon ɗakin a cikin 1,000 ta kullum? Ba kashi ɗaya cikin uku cif ba, don kicin da banɗaki da tsakar gida su ma suna da nasu rabon. A ce 300. Kwana 60 sau 300 ya ba da 18,000. Jimilla 28,000.

Za ka ga kuɗin bai kai asararka ba, ko kusa. Haka abin yake, don ragin haya na amfanin gidan da ka rasa ne, ba na katifa ba. Amma adadi ne da mai gida zai ji kunyar musawa. Idan kuna jayayya a kan rabon ɗakin, ku tambayi dillalin gidaje na unguwar nawa ake ba da ɗaki ɗaya da falo irin wannan, bambancin shi ne amsar. Ka kuma ba shi hanyoyin biya, don mai gida da yawa ya riga ya kashe kuɗin da ka ba shi: ko a cire daga hayar baɗi, ko a ƙara maka kwanaki a ƙarshen wa'adi. A misalin nan 28,000 daidai take da ƙarin kwana 28, kuma masu gida sun fi saurin yarda da wannan fiye da fitar da tsaba.

Ko za a nuna mana yadda saƙon zai kasance?

Ga shi a kan misalin da ya gabata. Sauya abin da bai dace da naka ba.

"Assalamu alaikum. Baba Alhaji, barka da war haka, ya iyali, ya muka ji da wannan ruwa? Allah ya kiyaye gaba. Ni ne wane, ɗan hayarka na sashen gabas a gidanka na Badariya.

Kamar yadda na shaida maka a waya, ruwa ya shigo mana a daren Talata, kaza ga watan Agusta, wajen ƙarfe biyu. Ya bi ta ƙofar gida ya taru a tsakar gida, rariyar gabas ba ta fitarwa, har ya kai santimita 45 a cikin ɗakuna. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni. Na turo hotuna da bidiyo, kuma mai unguwa ya zo ya gani.

Abin da ya samu ginin, na gaggawa: bangon ɗakin yara na arewa ya tsage daga taga zuwa ƙasa kuma tsagar na ƙaruwa, mun rufe ɗakin. Sokawe ya cika yana dawowa ta banɗaki. Soket huɗu sun nutse, mun kashe wutar gidan. Wanda zai iya jira: daɓen falo ya fashe a wuri biyu, shafen bango ya zube, ƙofar kicin ta kumbura.

Namu kayan da suka tashi aiki: katifa biyu, kafet ɗin falo, kabad ɗaya, shinkafa buhu ɗaya da rabi, gero rabin buhu, da littattafan yara. Keken ɗinkin maiɗakina da kujeru za su gyaru. Firji muna jiran mai gyara. Na faɗi waɗannan ne don ka san halin da muke ciki.

Abin da nake roƙo, Baba: a turo magini da mai wayarin su duba bangon da wutar kafin Juma'a, a kuma kwashe sokawen. Idan ya fi maka sauƙi in yi na sokawen da kuɗina a cire a haya, ka ba ni izini da iyakar abin da zan kashe, zan kawo rasit.

Sai maganar haya. Za mu kai kwana 10 ba ma gidan, ɗakin yara kuma zai kai wata biyu a rufe. A lissafina ya kama naira 28,000. Ina neman a cire a hayar da ke tafe, ko a ƙara mana kwana 28 a wa'adinmu, duk wanda ka ga ya fi. Muna son ci gaba da zama idan an yi gyaran. In ka ba ni lokaci zan zo gida mu zauna. Allah ya ƙara girma."

Ka lura ba a ambaci kotu ba, ba a kuma ce laifin wane ne ba. Saƙon farko ba wurinsu ba ne. Idan kana da tsohon ƙorafi a kan rariyar, jimla ɗaya ta isa: "wadda na yi maka maganarta a saƙona na watan Yuni". Idan mai gidan mace ce, Hajiya ko Inna, yadda ka saba kiranta.

Zan iya riƙe kuɗin haya har sai ya gyara?

Kada ka yi. Da ka riƙe, labarin ya tashi daga "mai gida ya ƙi gyara" ya koma "ɗan haya ya ƙi biya", kuma bashin haya na cikin dalilan da suka fi saurin sa kotu ta ba mai gida gidansa. Idan lokacin biya ya zo ba ku daidaita ba, biya abin da ba a jayayya a kansa ta banki, ka rubuta cewa ragowar tana hannunka tana jiran zaman da za ku yi. Wannan ma ya fi aminci idan mai unguwa ko wani dattijo ya san da shi.

Na gaji da jira. In gyara da kuɗina in cire?

Sai da izininsa a rubuce, da adadi. Ko "na yarda, kada ya wuce 45,000" a WhatsApp ya wadatar. In ba haka ba, zai iya cewa bai sa ka ba, ko ya ce magininsa da rabin kuɗin zai yi, kuma sau da yawa maganarsa za a ɗauka. Karɓi rasit na siminti da bulo da yashi, leburori kuma ka biya su ta banki ko gaban shaida. A misalinmu, idan ya amince da 45,000 na sokawe da 28,000 na ragi, hayar baɗi ta zama 287,000. Rubuta wannan adadin ku duka ku gani tun yanzu, ba sai ranar biya ba.

Bangon da ke ɗauke da rufi kuwa kada ka taɓa shi da kanka, ko da izini. In ya faɗi bayan gyaranka, kai za a nuna.

Ban taɓa ganin mai gidan ba, ejan nake ba kuɗi. Wa zan rubuta wa?

Rubuta wa ejan ɗin, ka nemi ya isar, ka kuma nemi lambar mai gidan ka tura masa kwafi. Ejan yakan iya karɓar kuɗi amma ba lallai yana da ikon yafe ko sisi ba, saboda haka ragin da ya yi maka da baki ka nemi mai gidan ya tabbatar. Gidan gado ya fi wuya, don kowane magaji zai ce ba shi kaɗai ba ne. Nemi wanda suka wakilta yake karɓar haya, shi za ka rubuta wa.

Idan gidan yawa ne, ku rubuta saƙo ɗaya a kan abin da kuka haɗa, masai da rijiya da katanga da rariya, kowa ya sa hannu. Lissafin kaya da na ragi kuwa kowa ya yi nasa, don ɓarnar ba ɗaya ba ce.

Ya yi shiru, ko ya ce in ban iya zama ba in tashi.

Ba shi mako guda, sai dai in bango na shirin faɗuwa, sannan ka sake rubutawa a taƙaice kana ambaton saƙon farko da ranarsa. In bai motsa ba, ka je da wanda yake jin nauyinsa: limamin masallacinsu, mai unguwa, ko wanda ya haɗa ku tun farko. Yawancin irin wannan maganar a zaure take mutuwa. Ofishin Hisba ma na yin sulhu. Idan duk ya faskara, akwai kotun shari'ar Musulunci da kotun da ke sauraron ƙarar haya, kuma wanda ba ya da kuɗin lauya zai iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, tana da ofisoshi a jihohi.

Game da kora, ba ya da ikon fitar maka da kaya, ko sauya kwaɗo, ko cire kwanon rufi da sunan gyara don ka gudu. A galibin jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba, mai hayar shekara sanarwar wata shida ake ba shi, mai hayar wata kuma wata ɗaya, sannan wata sanarwar ta kwana bakwai, sannan kotu. Amma wannan kariyar ba dalili ba ce na kwana da iyali a ƙarƙashin bangon da ya tsage.

Idan na zaɓi tashi, sauran kuɗina fa?

Idan gidan ya kai matsayin da ba ya zaunuwa kuma ba a gyara ba, a fiƙihu kana biyan na kwanakin da ka zauna ne, ragowar ta dawo maka. A misalinmu, wanda ya rage masa wata biyar yana bin 150,000. A dokar boko abin ya danganta da yarjejeniya da abin da kuka daidaita, shi ya sa ake son ka faɗi niyyarka a rubuce kafin ka ɗauko mota. Rubuta ranar da za ka fita, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da na mita bayan an kwashe kaya, ka miƙa makulli a gaban shaidu biyu, don muddin makulli na aljihunka ana iya lissafa ka a mazaunin gidan. Mai gida zai iya cewa sai ya samu wani ɗan hayan zai biya ka. Idan ka amince da haka, a sa rana, ko a raba kuɗin kashi biyu ko uku, kowane da watan da za a biya shi.